Tambayoyin da ake yawan yi min kan injakshin, sifilit da zaɓen kolum a GC

Ɗalibai masu zuwa aiti da sabbin ma'aikata tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne duk shekara, har na gaji da zana laina a bayan takarda, shi ya sa na tara su nan. Zan ɗauki aiki guda ɗaya a GC, na'urar da ke mai da samfur tururi ta raba sinadaran da ke cikinsa, in bi shi tun daga sirinji har ditekta, wato neman metanol a cikin etanol, irin wanda ake haɗa sanitaiza da magunguna da shi. Dalilina shi ne duk wahalar abubuwa masu saurin tashi tana cikin wannan aikin, abin da kake nema ɗan mitsitsi ne, yana tafasa a digiri 65, kuma yana zaune cikin tekun etanol mai tafasa a digiri 78. Ba aikin wasa ba ne kuma, metanol in ya shiga jiki yana makantarwa yana kisa, a 2020 hukumar FDA ta Amurka ta yi ta jan kunnen mutane kan sanitaizoji da aka samu da shi a ciki. Iyakar da USP, kundin ƙa'idojin magunguna na Amurka, ta sa wa etanol na magani ita ce mikirolita 200 na metanol a cikin lita ɗaya.

Oga, wai me sifilit ɗin nan yake nufi? Na ga an rubuta 20:1 a allo ban gane ba.

Ka kalli laina, wannan ɗan bututun gilashin da ke cikin injekta, kamar zaure mai ƙofa biyu. Ka caka sirinji ta seftum, robar da ke toshe bakin injekta, ruwan ya faɗa cikin zafi ya zama tururi nan take, iskar da ke ɗaukar samfur, yawanci hiliyam, ta tura shi ƙasa. A ƙasan akwai bakin kolum, dogon bututun da ke raba sinadarai, wanda siriri ne kamar gashi, akwai kuma babbar hanya da ke fita waje. To 20:1 na nufin duk kaso 1 da ya shiga kolum, kaso 20 sun bi ta waje sun tafi.

A yawancin injina lissafin haka yake:

```
split ratio = split flow / column flow
total flow  = split flow + column flow + septum purge
```

A kolum ɗin da muke wannan aikin, mai tsawon mita 30 da faɗin milimita 0.32, gudun iska a ciki kusan mililita 2 ne a minti. Ka sa 20:1, hanyar waje za ta ɗauki 40. Ƙara 3 na share ƙarƙashin seftum, jimla 45, shi za ka gani a wurin Total Flow. In ka ga abin da ya yi nesa da wannan to ka tsaya, akwai magana.

Wani abu kuma, wasu littattafan suna rubuta 1:20 wasu 20:1, abu ɗaya suke nufi, kar ya ruɗa ka.

To ai ɓarna ce, ana neman abu kaɗan kuma ana zubar da kusan duk samfur ɗin?

Kowa haka yake cewa ranar farko, ni ma haka na ce. Bari mu yi lissafin tukuna. Mikirolita 1 na etanol da ke kan iyaka daidai yana ɗauke da kusan nanogiram 160 na metanol. A 20:1 kaso ɗaya cikin 21 ne ke shiga, kusan nanogiram 7 da rabi kenan. FID, ditektan da ke ƙona abin da ya fito a harshen wuta, yana ganin wannan ras, duk da cewa metanol ba ya ba shi amsa sosai kamar su hegzen, saboda kabon ɗaya gare shi kuma oksijin na manne da shi. To etanol ɗin fa? Mikirogiram 790 ne a cikin wannan ɗigon, ko bayan an raba kusan 38 ne ke shiga kolum, wanda ya riga ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Yanzu ka ƙaddara ka tura duka 790 ɗin, ai sai ya mamaye farkon takardar gaba ɗaya.

Amma ni a ganina wannan ba shi ne babban dalilin ba, kuma nan ne nake so ka tsaya da kyau. Sifilit ba rage yawa kawai yake yi ba, shi ne ke sa samfur ya shiga kolum da sauri. Laina mai faɗin milimita 4 cikinta kusan mililita 1 ne. In iska mililita 42 na ratsa ta a minti, cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai an share ta tas, duk metanol ɗin ya shiga kolum a dunƙule kamar 'yan tsere da aka busa wa usur lokaci ɗaya. In kuwa ka rufe hanyar waje, mililita 2 kawai ke ratsawa, sharewa ɗaya sai ta ci wajen rabin minti, kuma ɗaya ba ta isa. Na farko ya yi nisa cikin kolum na ƙarshe bai ma bar zaure ba. Abin da za ka gani a allo ba tsini ba ne, wani tudu ne a baje mai jan jela, tsayinsa ma sau da yawa bai kai yadda ka yi fata ba.

Amma ai ana yin sifilitles, wato a rufe hanyar waje, a gwajin maganin ƙwari kuma fik, tsinin nan na allo, yana fita siriri, me ya bambanta?

Can abubuwan da ake nema masu nauyi ne, suna tafasa a sama da digiri 200 ko 300. Ka fara obin da sanyi, ƙasa da tafasar ruwan narkin da digiri 10 zuwa 20, sai ruwan ya kwanta a bakin kolum ya kama su, su kuma ba sa motsi sai obin ya yi zafi. Ko an ɗauki minti guda ana shigowa duk a bakin ƙofa suke taruwa su jira juna. Kurt Grob ne ya fito da wannan dabarar a 1969 kuma tana aiki sosai a inda ta dace.

Metanol a cikin etanol kuwa ya fi ruwan narkin kansa saurin tashi. Babu abin da zai tsayar da shi a digiri 40, yana shiga yana wucewa. Sai dai in kana da na'urar sanyaya bakin kolum da ruwan naitirojin ko kabon dayoksaid, wanda yawancinmu ba mu da ita. Don haka abu mai saurin tashi, Split za ka zaɓa, in ka ga bai fito sosai ba ka rage rabon, kar ka rufe shi.

Har ina zan iya rage shi?

Ƙa'idar da nake bi ita ce iskar da ke ratsa laina kar ta gaza wajen mililita 20 a minti. A kolum na 0.32 mai gudun 2, kusan 10:1 ke nan. A babban kolum na 0.53 da ke ɗaukar 5 ko sama da haka kana iya sauka har 5:1 ko ƙasa kaɗan. A siririn 0.25 mai gudun 1, gara ka tsaya a 20:1.

Amma maimakon ka haddace, ka gwada da idonka, awa biyu kawai zai ci maka. Ɗauki sitanda ɗaya ka harba a 50:1, 20:1, 10:1 da 5:1, ka rubuta faɗin fik na farko da tsayinsa. Za ka ga tsayi na ƙaruwa, na ƙaruwa, sai a wani wuri ya fara ja baya faɗi ne kawai ke ƙaruwa, kuma asetaldihaid da metanol da suke fitowa kusa da juna sun fara haɗewa ta ƙasa. Nan ne iyakarka, ka koma mataki ɗaya baya. Hanyar USP ta etanol 20:1 ta ajiye, kuma tana so rabuwar waɗannan biyun kar ta gaza 1.5.

In na sa 20:1, zan iya ninka sakamako da 21 in samu ainihin adadin?

A'a, kar ka soma. Lambar da ke allo rabon iska ce a lokacin da komai ke zaune lafiya. Lokacin da ɗigon ya fashe ya zama tururi, matsin cikin laina na tashi na ɗan lokaci, kaurin iskar ma ya canja, abin da ya shiga kolum a wannan daƙiƙar ba lallai ya zama ɗaya cikin 21 cif ba. Kuma masu sauƙi da masu nauyi ba sa rabuwa daidai wa daida.

Maganinsa biyu ne. Na farko sitanda da samfur su bi hanya ɗaya, rabo ɗaya, laina ɗaya, girman allura ɗaya, ruwan narki ɗaya. Sitandan metanol da ka haɗa a cikin ruwa ba za ka auna samfurin etanol da shi ba. Na biyu ka zuba wani sinadari da ka san adadinsa cikin kowace kwalba, wanda babu shi a samfurin, ka riƙa kwatanta fik ɗinka da nasa. Mutane da yawa na amfani da n-propanol in sun tabbata babu shi a ciki. In da hannu kake caka allura ba otosamfula ba, wannan ba zaɓi ba ne, dole ne, hannun mutum yau ya danna da sauri gobe a hankali.

Na ƙara allura zuwa mikirolita 3 don fik ya girma, sai sakamako ya riƙa tsalle, kuma ina ganin metanol ko a bilank. Me ya faru?

Ambaliya ka yi. Ruwa in ya zama tururi kumbura yake yi sau ɗaruruwa, kuma kowane ruwa da nasa. A digiri 250 da matsin psi 10, mikirolita 1 na hegzen yana zama kusan mikirolita 200 na tururi, etanol kusan 440, metanol kusan 630, ruwa kuwa 1400. Lainarka dududu ba ta kai 1000 ba, kuma iska na ciki tun kafin ka zo. Uku na etanol ya wuce 1300, ina zai shiga? Sai ya yi sama ya lashi seftum, ya koma baya cikin bututun iska masu sanyi ya kwanta, daga baya ya riƙa dawowa kaɗan-kaɗan cikin harbin da ke biye. Shi ne metanol ɗin da kake gani a bilank.

Ni ma na taɓa cin wannan dukan a wani lab da na yi aiki, kwana uku muna zargin kwalabe da ruwan wanke sirinji, ashe samfur mai ruwa-ruwa ne muke harba mikirolita 2. Muka koma rabin mikirolita komai ya zauna. Ruwa ne mafi sharri saboda ƙwayoyinsa ƙanana ne, ɗigo ɗaya na ɗauke da su da yawa. Sanitaiza mai kashi 80 na etanol sauran ruwa, mikirolita 1 ɗinsa ya haura 600, yana shiga amma babu sarari mai yawa, ni 0.5 nake sa wa.

In kana so fik ya girma, rage rabon sifilit ya fi ƙara allura tsafta.

Laina mai auduga ko marar auduga?

Don sifilit na ruwa, mai audugar gilashi, ta milimita 4, wadda aka kashe wa kaifi daga kamfani. Audugar tana goge bakin allura, tana ba ɗigon wurin da zai fashe ya gauraya da iska kafin ya isa mararraba. Ba tare da ita ba wani lokaci ɗigon zai faɗa ƙasa kai tsaye, harbi shida su ba ka lamba shida. Kar ka tsinko auduga ka cusa da kanka, wurin da zaren ya karye yana kama alkohol.

Sanitaizan da aka kawo min mai kauri ne kamar kunu, in narka shi in harba?

In kana da hedsifes, kar ka harba. Abin da ke sa shi kauri ba ya tashi ko kaɗan, ƙonewa zai yi a cikin laina, gilisarin kuma sai digiri 290 yake tafasa, zai maƙale a hanya ya riƙa fitowa a harbin wani. A hedsifes ɗan kaɗan za ka auna cikin kwalba ta mililita 20, ka ɗaure bakinta, a ɗumama ta wajen digiri 80, injin ya ɗebi tururin da ke sama kawai, dattin ya zauna a ƙasa. Tunda abin da ke zuwa tururi ne mai yawa, galibi mililita 1, kuma ya riga ya tsinke, rabon da ake sawa ƙarami ne, hanyar USP <467> ta ragowar ruwan narki a magunguna 5:1 take amfani da shi. A nan laina siririya marar auduga ta fi, babu ɗigon da za a fasa.

In babu hedsifes to ka tsinka shi sosai, ka tace, ka sa laina mai auduga, ka kuma shirya canja ta kullum.

Kolum ɗin da ke kan injinmu DB-5 ne, 30 m, 0.25 mm, 0.25 µm. Ba zai yi ba?

Ba zai yi ba, kuma ba don ya lalace ba. Wannan kolum na kowa-da-kowa ne, yana da kyau ga man ƙamshi da maganin ƙwari, amma shafen da ke jikin bangonsa siriri ne ƙwarai. Lamba ta ukun nan, 0.25 µm, ita ce kaurin shafen, kuma ita mutane suka fi mantawa alhali ga abu mai saurin tashi ita ce kan gaba. Rabuwa a GC tana faruwa ne saboda kowane sinadari yana nitsewa cikin shafen ya ɗan zauna ya fito, wani ya daɗe wani bai daɗe ba. Metanol ba mai son zama ba ne, in shafen ba shi da kauri kusan tare da iska zai wuce, shi da asetaldihaid da etanol duk su fito a cunkushe.

Akwai lamba ɗaya da ke nuna maka wannan:

```
β = d / (4 × df)
k = K / β
```

β ce lambar, d faɗin kolum ne, df kaurin shafe, duka a mikiromita, babban K yadda sinadari ke son irin shafen ne, ƙaramin k kuma yawan riƙon da kolum ke yi masa. Naka 250 a raba da 1, ya ba da 250. Wanda nake so ka saya, 0.32 mai shafe 1.8, 320 a raba da 7.2, kusan 44. Ƙaramar lamba na nufin riƙo mai ƙarfi, a nan fiye da ninki biyar in shafen iri ɗaya ne. Ga yadda abin yake a agogo. In iska na gudun santimita 35 a daƙiƙa, tana ratsa mita 30 cikin daƙiƙa 86. A ce sinadari na da k na 0.2 a siririn shafe, daƙiƙa 17 kacal zai ƙara a kan iska, a cikin wannan ɗan tsakanin kake so abubuwa uku su rabu. A mai kauri k ɗinsa ya koma 1.1, ya ƙara daƙiƙa 95. Yanzu an samu fili.

Abin da ake saya don wannan aikin shi ne dangin 624, kowane kamfani da sunansa, DB-624, Rtx-624, ZB-624, a USP kuma G43 ake ce masa. Shafensa kashi 6 cikin ɗari cyanopropylphenyl ne, sauran 94 dimethylpolysiloxane, wato yana da ɗan son abubuwa masu kama da alkohol amma ba can ba. A kansa jerin fitowa shi ne asetaldihaid, metanol, etanol, asiton, sai aisofurofanol. Ka lura metanol na riga etanol fitowa, wannan rahama ce babba, don fik ɗin etanol ƙato ne mai doguwar jela kuma duk ƙaramin da ya biyo bayansa kusa a kan jelar zai hau. Ka kuma lura asiton da ke tafasa a 56 ya fito bayan etanol mai 78, kar ka ɗauka tafasa kaɗai ke tsara layi.

Tsarin obin na USP: digiri 40 na minti 12, sannan a hau da 10 a minti zuwa 240, a tsaya minti 10. Kar ka wuce 260 da wannan kolum ɗin.

Wani ya ce min kolum na WAX ya fi kyau ga alkohol.

Yana da gaskiyarsa. Shafen polyethylene glycol yana riƙe alkohol sosai ko da bai yi kauri ba, kuma jerin ya bambanta, asiton na fitowa tun da wuri kafin metanol. Amma a kansa aisofurofanol da etanol kusa suke ƙwarai, kuma shi ba ya yafe iskar waje, ɗan yoyo kaɗan a seftum yana zafi ya fara lalacewa. Ni amfanin da nake yi da shi tabbatarwa ne. FID ba ya faɗa maka sunan abu, lokacin fitowa kawai yake ba ka, kuma abubuwa biyu na iya fitowa lokaci ɗaya. Kafin in rubuta cewa kayan wani na ɗauke da metanol sama da iyaka, ina so in gan shi a kolum biyu masu hali daban. Haka USP <467> ta tsara, G43 da farko, G16 wato WAX don tabbatarwa.

In sayi na mita 60 mana, ba ya fi rabawa ba?

Ninka tsawo yana ƙara rabuwa da kusan 1.4 ne kawai, lokaci kuma ya ninka, kuɗi ma haka. In shafen bai dace ba mita 60 ba za su cece ka ba. Fara da irin shafe, sai kauri, tsawo na ƙarshe.

Gas ɗin girki ko mitan fa?

Wannan wani gida ne. Abin da yake iska tun a zafin ɗaki, ko shafe mai kauri da kyar yake riƙe shi, sai ka koma kolum na PLOT wanda bangonsa garin daskararren abu ne. Alumina don furofen da biyuten da 'yan uwansu, Molsieve 5A don oksijin, naitirojin, mitan da kabon monoksaid, nau'in Q don kabon dayoksaid da samfur mai danshi. Kuma da bawul ko sirinjin iska ake shigar da su.

Obin ya ƙi sauka zuwa 40, injin na ta nuna Not Ready. Ya lalace ne?

Duba zafin ɗakin tukuna. Obin ba firij ba ne, iskar ɗaki yake ja ya huce da ita, ƙarshen abin da zai iya shi ne 'yan digiri kaɗan sama da ɗakin. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato in esi ya mutu, ɗaki ya kai 36 ko 37, ga injekta da ditekta suna zafi a saman obin, 40 ɗin nan sai ka yi ta jira, in ya kai ma ba ya zama. Alamar a takarda ita ce lokacin fitowar metanol na yawo tsakanin safe da rana alhali na ƙarshe-ƙarshe suna nan daram. Ka janye injin daga bango don iska mai zafi da yake fitarwa ta baya kar ta dawo masa, ka gyara esi, ko ka yi aikin da sassafe. In hanyar taka ce ba ta hukuma ba, kana iya farawa a 45 ka sake tabbatar da rabuwa, a nan ma shafe mai kauri ne zai ba ka wannan damar.

Sai maganar wuta. In aka ɗauke nefa obin na 240, iska na iya tsayawa kolum na zafi, ba abin da ke kashe shafe kamar haka. Injin nan ba a jona shi babu inbata ko yufiyes mai ƙarfi.

Fik ɗin metanol na jan jela, ta ina zan fara?

Ka fara da tambayar su waye ke jan jelar. Harba ɗan mitan, ko ka duba wani fik na haidirokabon a cikin sitandanka. In kowa na ja har da su, matsalar hanya ce: an yanke bakin kolum a karkace, ko ba a cusa shi daidai ba, ko gudun sifilit ya yi ƙasa. A injektan Agilent milimita 4 zuwa 6 ne sama da ferul, sauran kamfanoni ka duba littafinsu don sun bambanta sosai. In kuwa alkohol ne kawai ke ja, haidirokabon na tsaye cak, to datti ne ke kama su. Canja laina da seftum, in bai tafi ba yanke wajen rabin mita daga gaban kolum. Seftum ni ba na bari ya wuce caka 100, ɓurɓushinsa cikin laina yake faɗawa.

In kuma fik ɗin ta gaba ya jingina, ya hau a hankali ya faɗo tsaye, wannan lodi ne ya yi yawa, ƙara rabon ko ka tsinka. A etanol kansa a wannan gwajin haka za ka gani kullum kuma ba komai, ba shi kake aunawa ba.

Akwai kuma wadda ke ɓoyewa. In fik duka suka fara girma a hankali cikin makonni ba ka canja komai ba, ko injin ya kasa riƙe matsi in ka sa rabo babba, ka duba matatar da ke kan hanyar fita, datti na toshe ta. Sa mita a bakin Split Vent ka auna da kanka, in allo ya ce 40 mita ta ce wani abu daban, mita za ka yarda da ita.

Hiliyam na ƙare mana da wuri, sifilit ne ke shanye shi?

Shi ne. Babbar silinda ta lita 50 tana ɗauke da wajen lita 9000. A 45 a minti lita 65 kake sha a yini, ta kai ka wata huɗu da rabi. Wani ya bar injin a 100:1, sama da 200 a minti, wata ɗaya ta ƙare, ga tsada ga jiran a kawo daga Legas. Alhali gudun nan mai yawa na daƙiƙun farko ne kawai ake buƙatarsa. Kunna Gas Saver, ka ce bayan minti 2 ya sauka zuwa 15 ko 20, samfur ya daɗe da shiga, ba abin da zai taɓa a sakamako.

Naitirojin na yi da FID in ka yarda ka rage gudu zuwa santimita 10 zuwa 15 a daƙiƙa ka ƙara haƙuri. Haidirojin ya fi sauri kuma in da janareta ba ka jiran silinda, sai dai duk abin da ya bi hanyar waje cikin ɗakin yake fita in ba ka ja masa bututu zuwa waje ba, kuma ka tabbata injin na da tsarin kashe kansa in kolum ya karye a cikin obin. Kowanne ka koma, lokutan fitowa za su canja, sai ka sake harba sitanda ka duba rabuwar asetaldihaid da metanol kafin ka taɓa samfurin kowa.